Agogon kwamfutata ya daina cin awa ɗaya

'Yan'uwa, daren jiya na kunna Windows bayan na wuni a Ubuntu, na kalli kusurwar allo na ga 9:14, na kalli waya na ga 9:14. Sati uku ke nan ina neman ganin haka.

Tun da na saka Ubuntu a gefen Windows, duk sanda na dawo Windows sai na tarar agogo yana baya da awa ɗaya cif. Ya ja mini makara a wani darasi na intanet, ina zaune ina jiran ƙarfe huɗu alhali biyar ta yi. Na kai wa mai gyara, ya ce batirin madabod ne, ya canza mini CR2032 ya karɓi naira 3,500 har da kuɗin aiki. Kuɗin nan har yau suna min ciwo, don washegari matsalar tana nan daram. Mataccen batir yakan mayar da kwanan wata can baya, ko agogo ya tsaya idan an kashe na'ura. Nawa kuwa mintinsa daidai, kwanan watansa daidai, awa ɗaya ce kawai ke ɓacewa.

Ashe agogo ɗaya ne a jikin madabod, wanda ake kira RTC, kuma lambobi kawai yake riƙewa, bai san ko lokacin wace ƙasa ba ne. Windows tana ɗaukar abin da ke ciki a matsayin lokacin gari. Linux kuma, wadda Ubuntu nau'inta ce, tana ɗaukarsa a matsayin UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, sai ta ƙara bambancin yankinka. Mu a Najeriya muna gaba da UTC da awa ɗaya.

Sai da na zana a takarda kafin ya zauna mini. A ce tara na safe ne a Kano. Ubuntu ta samu intanet, ta daidaita kanta, ta rubuta 8:00 a RTC. Na koma Windows, ta karanta 8:00 ta nuna shi yadda yake. Na gyara da hannu zuwa tara, ita kuma ta rubuta 9:00 a RTC. Na koma Ubuntu, ta ɗauki taran nan UTC ce, ta ƙara awa, ta nuna goma. Wannan ɓangaren ban cika lura da shi ba, saboda da ta hau intanet take gyara kanta, sai ranar da datata ta ƙare na gan shi ƙiri-ƙiri. Wanda ke Kumasi ba zai ga wannan rigimar ba, tunda lokacin Ghana daidai yake da UTC.

Da farko na bi ta Linux, don ita ma ta riƙa ɗaukar RTC a matsayin lokacin gari:

```
timedatectl set-local-rtc 1
```

Ya yi aiki, amma duk sanda na buga `timedatectl` sai ya fito da dogon gargaɗi cewa wannan tsarin kan kawo matsala wajen sauya yankin lokaci. Mu ba ma tura agogo gaba da baya a shekara kamar Turai, don haka da na bar shi ma ba laifi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na ce gara Windows ta koma UTC. Na buɗe Command Prompt ta Run as administrator na buga:

```
reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation" /v RealTimeIsUniversal /t REG_DWORD /d 1 /f
```

A nan na sha wahalar da ta fi ta farko. Na sake kunnawa, sai ga Windows ta wuce gaba da awa ɗaya! Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kwana biyu ina duba yankin lokaci, wanda yake daidai a kan West Central Africa, ina kashe daidaitawa ta intanet ina kunnawa. Sai da na tsaya na karanta layin da ke saman gargaɗin `timedatectl` na ga `RTC in local TZ: yes`. Ban cire gyaran farko ba. Ubuntu tana rubuta lokacin gari, Windows tana karanta shi a matsayin UTC tana ƙara awa, wato sun yi musayar matsayi ne kawai. Gyara ɗaya ake yi, ko wannan ko wancan.

Na tabbatar agogon Ubuntu daidai yake da na waya, sannan na mayar:

```
timedatectl set-local-rtc 0
```

Yanzu layin ya koma `no`, kuma `RTC time` ya yi daidai da `Universal time`. Na yi ta shiga da fita tsakaninsu har sau shida, uku daga ciki da intanet a kashe, don kada daidaitawar ta rufe mini kuskure. Ko minti bai goce ba.

Idan kun bi wannan hanyar kuka shiga BIOS, za ku ga agogonsa yana baya da awa ɗaya. Don Allah kada ku taɓa shi, UTC ce yake nunawa, kuma haka ake so ya kasance.