Laraba: tambayar randa

Zafi tun ƙarfe tara na safe. Abba ya tafi makaranta ba tare da kwalbar ruwansa ba, sai da na bi shi da ita har bakin titi.

Abin da ya tsaya mini a rai a aji biyu ya faru. Ƙanwar nan tamu mai koyon koyarwa ce ke da darasi, ni ina zaune a baya da takardar auna ta. Ta yi bayani tsaf kan yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska, ta kawo misalin randa: ruwa na tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, in ya bushe sai ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu: "Malama, to me ya sa ruwan randarmu ba ya sanyi da damina kamar da rani? Kuma sanyin nasa har ina yake kaiwa?"

Ta yi tsit, alli a hannu. Can ta ce wannan ba ya cikin manhaja, a ci gaba.

Da aka fita tara na kira ta gindin darbejiya. Kafin in yi magana ta ce, "Anti, wallahi kaina ne ya ɗauke. Ido sittin a kaina." Na ce mata wannan ba laifi ba ne, amma akwai abin da ake yi a daidai lokacin, kuma koyonsa ake yi. Da farko ki maimaita tambayar da ƙarfi, kina rubuta ta a allo. Na baya sun ji, kin tabbatar kin fahimce ta, kuma numfashinki ya dawo. Da ta rubuta, da ta ga tambaya biyu ce aka haɗa mata, ba ɗaya ba.

Na ce mu ɗauki ta farko. Wanki, yaushe ya fi saurin bushewa? Ta ce da hunturu. Da damina fa? Ta ce yakan kwana a igiya. Me ya sa? Ta ɗan yi jim, sai ta dafe baki. Iskar damina ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar wani ruwa sosai, don haka jikin randa ba ya saurin bushewa, zafin da ke fita kaɗan ne. Amsar tana cikin darasin da ta gama koyarwa. Abin da ya sa ma tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba, mai sanyaya kayan lambu ta wannan hanyar, wadda ta samo masa kyautar Rolex a 2000, ta yi amfani a ƙauyukan Jigawa ke nan: busasshiyar iska take so.

Ta biyun kuwa, lamba ake nema, kuma lamba ba a ƙirƙiro ta a tsaye. Nan ne wurin cewa "wannan ban sani ba", amma da wutsiya: gobe za mu sa ma'aunin zafi a randa, mu sa a jarka, duka a inuwa ɗaya, da azahar, mu gani. Ki faɗi iyakar saninki, ki faɗi yadda za a nemo sauran, ki sa rana. In ranar ta zo ba ki dawo da maganar ba, yara sun gane sallama ce kawai kika yi musu. Haka ma "tambaya mai kyau, ku je ku yi ta a gida" in malami ya fake da ita, suna ganewa sarai.

Ta ce tana tsoron raini. Na tuna mata abin da aka ruwaito game da Imamu Malik, cewa an yi masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32. Ta yi murmushi, ta ce shi ai Malik ne. Na ce abin da ke jawo raini shi ne yaro ya kama ki kin yi masa shaci-faɗi.

Ita ban damu da ita ba, za ta iya. Yarinyar ce ke cikin raina har yanzu. Na ga yadda ta sauke hannu ta sunkuyar da kai kamar ta yi laifi, alhali tambayarta ta fi duk abin da aka faɗa a ajin yau. Irin waɗannan yaran, sau ɗaya aka gwale su shi ke nan, sai su gama makaranta ba su sake buɗe baki ba. Wannan ne ya hana ni cin abincin rana da daɗi.

Mun shirya gobe ita da kanta za ta buɗe darasi da tambayar, ta kira sunan yarinyar. Na karɓo ma'auni biyu a ɗakin gwaji, Inna ta yarda ta ara mana ƙaramar randarta da sharaɗin a dawo da ita lafiya. Sai a cika ta da daren nan, don jikinta ya jiƙe kafin safe.