Abin da dillancin mota ya koya mini game da rubuta tallar tsohuwar mota

Mai neman mota a shafin saye da sayarwa yana karanta take ne kawai kafin ya yanke shawarar buɗe talla ko wucewa, saboda haka a aikinmu na dillanci a Yamai na koyi kada in ɓata wannan layi ɗaya da kalmomi irin su "mota mai kyau" ko "sai wanda ya gani". Abin da ya kamata take ya ɗauka shi ne sunan mota da samfurinta, da shekararta, da irin giyarta, da tafiyar da ta yi, da matsayin takardunta, sai garin da take. Wata Corolla da aka ba mu mu sayar, take ya fito kamar haka: "Toyota Corolla 2008, otomatik, fetur, kilomita 193,000, an biya duwan, Yamai".

Lambobi biyu na cikin wannan take sun fi komai bukatar bincike. Mai motar ya ce ta 2010 ce, kuma ba ƙarya yake nufi ba, haka aka faɗa masa ranar da ya saye ta. Amma motar daga Amurka aka kawo ta, kuma a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, gurbi na 10 a cikin lambar shasi mai gurbi 17 shi ne ke nuna shekarar samfurin: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, harafin A kuma 2010. Da muka duba ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, sai muka ga 8. Wannan ƙa'ida ba ta aiki a kan kowace motar da ta zo daga Turai, don haka a irin waɗannan sai a dogara da katin mota, a kuma tabbatar cewa lambar da ke jikin katin ita ce ke jikin motar.

Lamba ta biyu ita ce ta tafiya. Agogon motar yana nuna 120,000, sai dai a gefensa ba "km" aka rubuta ba, da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6. Wanda ya kwafi 120,000 ya sa a talla bai canza ko lamba ɗaya ba, amma ya ɓoye wa mai saye tafiyar kilomita fiye da 70,000, domin duk wanda ya karanta a nan ƙasar kilomita zai ɗauka. A ganina wannan yaudara ce, ko da ba da gangan aka yi ba.

A cikin bayanin kuwa, darasin da ya fi yi mini amfani shi ne cewa aibi yana bukatar a faɗi wurinsa, da girmansa, da kuɗin gyaransa. "Tana da ɗan gyara" magana ce da ke tsorata mai saye na gaskiya, domin zai yi zaton inji ne ko giya. Mun rubuta cewa na'urar sanyaya mota tana aiki da safe amma tana rage sanyi da rana idan an tsaya a cunkoso, cewa bakanike ya gano iskar tana zurarewa ta wani bututu, kuma ya yi kiyasin gyaran a sefa jaka 60. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ba a ɓoye irin wannan, ko an ɓoye ma minti goma na gwaji zai tona shi. Mun ƙara da cewa an sake fentin ƙofar baya ta dama bayan wani gogewa, shasi bai taɓu ba, injin ba ya fitar da shuɗin hayaƙi, wanda shi ne alamar shan baƙin mai, kuma tayoyin gaba na 2019 ne, kamar yadda lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin tayar suka nuna: 2319, wato mako na 23 na shekarar. Tayar da ta kai wannan shekaru, ko haƙoranta ba su cinye ba, roba ta bushe, kuma mai niyyar hawa hanyar Doso da Birnin Ƙonni ya kamata ya sani.

Farashi ma mukan rubuta shi a fili, sefa miliyan 3 da rabi, tare da cewa akwai ragi kaɗan, maimakon "kira ka ji".

Mai motar bai so a ambaci fentin ba, yana ganin zai karya masa ciniki, kuma gaskiya ne kiran waya ya ragu. Sai dai wanda ya saye ta ɗan kasuwa ne daga Tawa, wanda ya yi tafiyar fiye da kilomita 500 bisa abin da ya karanta kawai. Ya zo da bakanikensa, suka bi bayanin layi bayan layi, suka tarar da ƙofar da bututun kamar yadda aka rubuta, aka cire masa jaka 60 na gyaran, sannan aka zauna rubuta takardar sayarwa.