Ranar da jimillar delta ta yaudare ni

Lokacin da na fara koyon lissafin haɗarin jari, nakan tara deltar duk abin da nake riƙe da shi in ɗauki jimillar a matsayin ma'aunin haɗarina. Delta tana faɗin ribar da za a samu ko asarar da za a tafka idan farashin hannun jari ya motsa da dala ɗaya. Abin da ban lura da shi ba shi ne, dala ɗaya a hannun jarin dala 50 kashi biyu cikin ɗari ce, amma a na dala 200 rabin kashi ɗaya ce kawai, don haka deltocin biyu ba mudu ɗaya ya auna su ba.

Gyaran shi ne a mayar da kowace delta kan ma'auni guda, galibi SPY, asusun zuba jari da ke bin ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, wato S&P 500. Beta ce ke nuna yawan kashin da hannun jari ya saba motsawa idan kasuwa ta motsa da kashi ɗaya.

```
delta × beta × (farashin hannun jari ÷ farashin SPY)
```

Ga misalin da ya buɗe mini ido, a ce SPY na dala 500. Ina da hannun jari 100 na wani kamfani, farashinsa dala 50, betarsa 1.5, wato delta 100, wadda ta koma 15 bayan awo. Ina kuma riƙe da kwangilar zaɓin sayarwa, wadda ke ba ni damar sayar da hannun jari a ƙayyadadden farashi kuma darajarta ke faɗuwa idan farashin hannun jarin ya tashi, a kan wani kamfanin mai farashin dala 200 da beta 0.8, deltarta −60, wadda ta koma −19.2. Tarawar farko ta ba ni +40, har na ɗauka tashin kasuwa alherina ne, alhali jimillar gaskiya −4.2 ce. Idan SPY ya tashi da dala 5, na farko zai kawo mini dala 75, kwangilar kuma ta ci dala 96, in tashi da asarar dala 21.

Sai dai wannan adadin ma yana da iyakarsa, kuma na fi daɗewa kafin in yarda da hakan. Daga farashin baya ake ciro beta, saboda haka wanda ya yi amfani da bayanan wata-wata na shekara biyar da wanda ya ɗauki na kullum na shekara ɗaya za su iya samun adadi daban ga kamfani guda. Ranar da kamfani ya fitar da rahoton ribarsa kuwa, farashinsa kan yi gaban kansa, babu ruwansa da kasuwa. Deltar kwangila ita ma tana sauyawa yayin da farashi ke tafiya, shi ya sa −4.2 ɗin ƙaramin motsi kaɗai take iya bayyanawa.

Yanzu duk yamma nakan ninka jimillar da motsin SPY, in kwatanta da abin da asusuna ya nuna. Idan tazarar ta yi faɗi kwanaki a jere, betar kamfanin da alaƙarsa da kasuwa ta fi rauni nake fara dubawa.