Memori mai giga 128 da cikinsa bai kai 8 ba

Sana'ata tura karatu da wa'azi da fina-finai a waya, ina da ɗan shago a Garwa, wajen unguwar Yelwa. Kwanakin baya na ga wani ya saka tallar memori a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet, giga 128, ɗauke da sunan wani sanannen kamfani, a kan sefa 4,000 kowane ɗaya. Arhar ta yi yawa, na sani, amma kwaɗayi ya ja ni na sayi goma. Jaka arba'in ke nan. Kayan suka taso daga Duwala, suka iso bayan kwana shida.

Wani dattijo ne ya fara tona asirin. Na cika masa ɗaya da tafsiri, bayan kwana biyu ya dawo ya ajiye wayar a gabana.

"Yaro, karatun farko-farko suna yi, amma daga tsakiya sai suna kawai, babu murya."

"Baba, bari in duba, wataƙila wayar ce."

Ba wayar ba ce. Abin da masu jabun ke yi shi ne su ɗauki ƙaramin memori, su sauya bayanin da ke cikinsa yadda zai riƙa gaya wa waya ko kwamfuta cewa shi babba ne. Kana turawa yana karɓa, ba zai taɓa ce maka ya cika ba. Sunayen fayil duk za su fito, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya bi iska. Shi ya sa mutum ba ya ganewa sai ya riga ya zuba kaya da yawa. Akwai ma alamar da na gani tun farko na share: memori mai giga 128 na gaske kusan 119 yake nunawa a kwamfuta, nawa kuwa 125 suka nuna. Har murna na yi wai an yi mini gyara.

Ƙorafina na farko ga masu kasuwar da zafin rai na rubuta shi. Na kira mai kayan ɓarawo, na loda hotuna goma sha huɗu yadda suka zo a waya, wasu ma na ciro su ne daga WhatsApp inda na tura wa abokina, sun dushe har rubutun jikin memorin ba ya karantuwa. Amsar da ta dawo layi biyu ce: hujja ba ta isa ba. Na yi ta faɗa a shago, sai ƙanena da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Yaya, ni ma da ni ne ba zan biya ka ba. Wane hoto ne a nan ya nuna cewa wannan memorin daga wurin mutumin nan ya fito?"

Tambayar nan ita ta gyara mini komai. Wanda zai karanta ƙorafin bai san ni ba, bai taɓa kayan ba, kuma yana da tulin irinsa a gabansa. Abu biyu yake son gani: kayan jabu ne, kuma su ne dai wannan mai sayarwar ya aiko. Ni na kashe ƙarfina wajen na farko, shi ma da baki kawai, na biyu ko taɓa shi ban yi ba.

Sai muka sake lale. Sa'ar da na ci, akwai memori huɗu da ban ɓare ba, kuma ledar da aka naɗo kayan tana cikin kwandon shara ba a zubar ba. Na ciro ta na goge ƙura. Na rubuta lambar odata da manyan baƙaƙe a farar takarda, kuma duk hoton da zan ɗauka sai takardar nan ta fito a cikinsa. Ita ce igiyar da ta ɗaure hotunan wuri ɗaya.

Gwajin da wata manhaja ta kyauta muka yi shi, H2testw, wadda ke aiki a Windows. Aikinta shi ne ta cika memorin da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta dawo ta karanta ta ga nawa ne suka zauna. Ana danna Select target a zaɓi memorin, a bar shi a kan all available space, sai a danna Write + Verify. Na ɓare sabo a gaban kyamara, na saka shi ba tare da na tura komai ba, don kada a ce ni na lalata. Rubutun kaɗai ya ci kusan awa uku da rabi, karatun ya ƙara wasu, ga zafin Garwa ga fargabar a ɗauke wuta. Da ya gama, ga abin da ya fito:

```
The media is likely to be defective.
7.4 GByte OK
117.5 GByte DATA LOST
```

Wato memori mai giga 8 ne aka yi wa babbar riga.

Hotuna shida kacal na tura a karo na biyu, kowane da lamba a sunansa, a jere yadda abin ya faru. Na farko hoton tallar ne, inda sunan shagon mutumin da alƙawarin giga 128 da farashi suka fito tare. Wannan na ɗauke shi a kan gaɓa, domin washegari ya sauya rubutun tallar. Na biyu shaidar biya, na uku ledar da takardar da aka manna mata, na rufe lambar wayata da yatsa amma na bar lambar oda a fili. Na huɗu memorin a cikin kwalinsa kafin a ɓare, gaba da baya, a hasken rana ba tare da filasha ba, don filasha na sa leda ƙyalli rubutu ya ɓace.

Na biyar shi na fi ɓata wa lokaci. Hoton allo kaɗai ba ya isa, kowa na iya samo irinsa a intanet. Saboda haka na ja baya da waya na ɗauki kwamfutar gaba ɗaya: sakamakon a allo, memorin soke a jikinta, kwalin da aka ɓare a gefe, ga takardar lambar oda, ga kwanan wata a kusurwar allon. Na shida ne hoton allon kansa, don a iya karanta lambobin tas. Duka daga ma'ajiyar waya na loda su kai tsaye, ban bi da su ta wata manhaja da za ta matse su ba.

Rubutun da Faransanci muka yi shi, gajere, babu zagi. Abin da aka tallata, abin da ya iso, abin da gwaji ya nuna, kowace magana da lambar hotonta a gaba. Wajen zaɓen dalili ma na gyara: da farko na zaɓi kaya sun lalace, wanda maganinsa a sake aiko maka da wani, wato wani jabun. Wannan karon na zaɓi Contrefaçon, wato kayan jabu. A ƙarshe na faɗi abin da nake nema ƙarara, a mayar mini da sefa 40,000 kuma a duba tallar, tunda har lokacin ana saye.

Kwana biyu da turawa sai ga kiran mai kayan, murya a sanyaye, wai in rufe ƙorafin zai turo mini rabin kuɗin ta waya. Na ce ya rubuta hakan a cikin shafin kasuwar. Bai rubuta ba, ni ma ban rufe ba, don na san idan na rufe da hannuna ba ni da sauran abin riƙewa.

Kuɗin sun dawo bayan kwana tara, aka sauke tallar. Kuɗin mota da na biya dai sun tafi, kuma mutum biyar da na riga na sayar wa sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na musanya musu daga aljihuna. Dattijon nan na saya masa mai giga 32 a nan cikin gari, na gwada shi dare guda kafin in sake tura masa tafsirinsa.