Sanarwar dagaci a bidiyo: abin da nake rubutawa da abin da nake ƙin rubutawa

Sankira idan ya zaga gari da yamma ya ce "gobe da safe kowa ya fito aikin jinga", babu wanda zai rikice, domin muryarsa ba ta kwana. Wanda ya ji, a ranar ya ji, a garin ya ji. Bidiyo kuwa yana kwana, yana shekara, yana tsallaka ƙananan hukumomi, kuma duk wayar da ya faɗa "goben" nan tana nan sabuwa fil. Wannan shi ne babban abin da aikin sakataren ƙungiyar matasa ya koya mini a ƙauyenmu da ke gefen kogin Haɗeja, cikin ƙaramar hukumar Auyo. Ni ke ɗaukar sanarwar dagaci da waya, ni ke sa mata take da bayani kafin a tura, kuma na gane cewa rubutun da ke raka bidiyon ya fi ɗaukar hoton wahala nesa ba kusa ba.

Bari in ɗauki sanarwa guda in bi ta daki-daki. Ranar Talata 10 ga Satumba 2024 ruwan dam ɗin Alau ya ci Maiduguri, hotuna suka cika wayoyin mutane. A makon ne kuma kogi ya taso a wajenmu, kamar yadda ya saba idan damina ta yi nisa. Ranar Alhamis bayan la'asar dagaci ya sa aka kira ni ƙofar gida. Saƙonsa gajere ne: ruwa ya kusa kai bakin jingar gabas, masu rumbu da dabbobi a unguwar fadama su kwashe zuwa tudu wajen firamare, matasa kuma su fito da buhuna da shebur washegari da hantsi. Bai ce a bar gari ba, bai ambaci dam ba.

Kafin in danna ɗauka na ce masa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a fara da rana da sunan gari, kuma inda za a ce gobe a ce Juma'a." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, duk garin nan wa bai san yau Alhamis ba?" Na ce, "Allah ya ja zamaninka, mutanen gari sun sani. Wanda zai gani a Legas bayan wata uku ne bai sani ba, kuma shi ne zai bugo wa mahaifiyarsa waya hankali a tashe." Ya yi shiru kaɗan, ya gyara zaman rawani, ya fara: yau Alhamis, goma sha biyu ga watan tara, shekara ta dubu biyu da ashirin da huɗu, ni ne dagacin gari kaza.

Dalilin da ya sa nake nacewa ranar ta fito daga bakin mai magana shi ne duk wani bayani da ke wajen hoton yana zubewa a hanya. Wayata ta ajiye bidiyon da suna irin wannan: VID_20240912_163010.mp4, wato shekara, wata, rana da lokaci. Da zarar ya bi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar tana matse shi, ta ajiye shi a wayar wanda ya karɓa da sabon suna kamar VID-20240915-WA0007.mp4. Ranar da ke cikin wannan suna ta biyu ranar da ya sauka a waccan wayar ce, ba ranar ɗauka ba. Mutane da yawa, har masu ilimi, suna nuna ta a matsayin hujjar cewa bidiyo sabo ne, alhali tsohon bidiyon ambaliyar 2022 idan aka turo maka shi yau, ranar yau zai ɗauka. Rubutun da na sa a ƙasan bidiyo ma ba abin dogaro ba ne: wanda ya ajiye shi a waya ya sake ɗorawa, ko ya ba wani ta Xender a rumfar mai caji, hoto da murya kawai ya bayar. Facebook kuma ranar da aka ɗora yake nunawa. Shi ya sa bayan maganar dagaci nake ƙara rubutu a jikin hoton kansa, layi ɗaya a ƙasa, sunan gari da cikakkiyar rana, ya zauna tun daga farko har ƙarshe. Idan a daƙiƙa biyar na farko kawai ya fito, wanda ya yanke tsakiyar bidiyon ya raba shi da ranarsa ke nan.

Ranar ma akwai yadda ake rubuta ta. Ba na rubuta 12/9, domin wasu wayoyi da manhajoji wata suke fara sawa, mai karatu ya ɗauka 9 ga Disamba ne. Ina rubuta sunan ranar mako, lamba, sunan wata da shekara. Sunan ranar mako yana da amfani biyu: mutanenmu da shi suke lissafi, kamar yadda mai kai dabba Maigatari ya san Alhamis ce kasuwa, sannan yana tona tsohon bidiyo, don 12 ga Satumba ba za ta sake faɗowa Alhamis a shekara mai bi ba. Dare kuma shi ne tarko. A wajen dattawa daren Juma'a shi ne daren da za a wayi gari Juma'a, yara 'yan boko da yawa kuwa suna nufin bayan magaribar ranar Juma'a. Idan taro na dare ne, nakan rubuta "Alhamis bayan isha'i, wayewar Juma'a". Ranar Musulunci ina son sa ta, musamman ga sanarwar azumi ko Maulidi, amma sai wadda ta bi ganin wata da Sarkin Musulmi ya sanar, domin kalandar bango takan saɓa da kwana ɗaya, kuma koyaushe tare da ta boko.

Sai take. A nan ne muka ja da wani abokin aikina a ƙungiya, yaro mai himma wanda ba shi da mugun nufi ko kaɗan. Shi so ya yi a rubuta "Innalillahi! Dam ya ɓalle, Auyo cikin haɗari", hujjarsa ita ce mutane ba sa buɗe abin da bai tsorata su ba, kuma gara a firgita a tsira. Na fahimci damuwarsa, amma ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Ruwan da ke zuwa mana daga kogin Kano da kogin Challawa yake, waɗanda ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, kuma a kansu akwai dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da ke wajen Karaye. Dam ya cika ya tumbatsa ta mafitarsa abu ɗaya ne, hukuma ta buɗe ƙofa ta sako ruwa abu ne na biyu, bango ya fashe kuma na uku ne, kuma tsakaninsu akwai nisa mai yawa. Ban da haka, kogi yana iya haurawa gonaki ba tare da ko ɗaya ya faru ba, ruwan sama kawai da kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa sun isa. Mu da ke tsaye a bakin jinga ba mu ga dam ba, abin da muka gani tsayin ruwa ne. Maganar dam ta hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce. Idan ta yi sanarwa, sai mu ce ita ta faɗa, ranar kaza. A makon da kowa ke kallon Maiduguri, kalmar "ya ɓalle" za ta iya sa tsohuwa ta kama hanya cikin dare, ta sa matasan da muke nema da shebur su tafi neman mota. Sannan ranar da abin tsoro na gaske ya zo, wa zai yarda da shafinmu?

Taken da na sa shi ne: "Sanarwar dagacin gari kaza, Auyo, Alhamis 12 ga Satumba 2024: a kwashe hatsi daga unguwar fadama". YouTube haruffa 100 yake karɓa a take, kuma a fuskar waya yakan yanke ƙarshen dogon take, don haka wane, ina, yaushe suke zuwa gaba. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in karanta wa dagaci taken. Idan akwai kalmar da zai ce "ni ban faɗi haka ba", ta fita. "Da ɗumi-ɗumi", "yanzu-yanzu" da "a yaɗa saboda Allah" ba sa shiga, domin su ne ke sa tsohon bidiyo ya zama kamar na yau. "Dukkan" da "ɗaruruwa" ma haka, sai in an ƙirga. Na kuma bar hoton fuskar dagaci a matsayin hoton gaba, ban ɗauko na wani gari da ruwa ya kai wuya ba.

A filin bayani akwai wuri sosai, amma layuka biyu ko uku na farko ake gani kafin a danna, sai na sa su ɗauki nauyin: wanda ya yi magana da muƙaminsa, unguwar da abin ya shafa, aikin jinga ranar Juma'a 13 ga Satumba da ƙarfe tara na safe. Daga nan sai jumla biyu da na fi ba muhimmanci yanzu. Ta farko ta faɗi abin da sanarwar ba ta ce ba: "Ba a ce a bar gari ba, kuma ba ta shafi sauran garuruwan Auyo ba." Ta biyu ta faɗi ranar ƙarewarta: "Wannan sanarwa ta makon nan ce, bayan Alhamis 19 ga Satumba a nemi sabuwa." Wannan jumlar ta biyu ma na roƙi dagaci ya rufe maganarsa da ita, don ta bi bidiyon duk inda ya je. A YouTube Studio, ƙarƙashin Show more, akwai gurbin Recording date and location da na harshen bidiyo. Ina cika su, in zaɓi Hausa, amma ban ɗauke su madadin rubutun jikin hoto ba, tunda mai kallo ba can yake dubawa ba.

Da ruwa ya ja, aikin bai ƙare ba. Na koma shafinmu na gyara taken, na sa "Ta wuce" a farkonsa, na ƙara ranar gyara a bayani. Ban goge bidiyon ba, saboda idan wani ya sake yaɗa kwafinsa baɗi, muna da na asali mai rana da za mu nuna. Kwafin da suka riga suka bazu a WhatsApp kam babu mai iya taɓa su, ko da sun kai ga samun alamar Forwarded many times. Abin da ke hannunmu shi ne mu ɗauki sabon gajeren bidiyo, dagaci ya faɗi sabuwar rana, ya ce sanarwar 12 ga Satumba ta ƙare, mutanen fadama su mayar da kayansu, mu tura shi zaurukan da muka tura na farko.