Rubutun waya: abin da za a yanke da abin da ba a taɓawa

Shekarun baya na tura wa ƙanina naira dubu 40 domin ya kai wa Goggonmu kuɗin magani, sa'an nan na bi shi da saƙo mai kalmomi uku: "ka bata kudin". Abin da nake nufi shi ne ya ba ta kuɗin. Shi kuwa yaron, da yake a makon da ya gabata mun ɗan yi sa-in-sa a kan yadda yake kashe kuɗi, sai ya karanta "ka ɓata kuɗin", wato ina tuhumarsa da almubazzaranci tun kafin kuɗin su yi awa guda a hannunsa. Bai amsa ba sai bayan isha'i, kuma amsar ta zo a daƙile: "Yaya, in ba ka yarda da ni ba, ka aiko wani ya karɓa." Goggo ba ta samu maganinta ba sai washegari da yamma.

Na daɗe ina duban wannan saƙo, domin kurakurai uku ne a cikinsa, kuma kowanne darasi ne a gare ku ƙannena masu rubutu a waya dare da rana. Na farko, na manne kalmomi biyu da ƙa'ida ta raba. "Ba" aikatau ne, "ta" kuwa wakilin suna ne, kowanne yana cin gashin kansa. Abin da na tsimi da wannan mannewa bai wuce gurbi ɗaya ba: "ka bata kudin" gurbi 13 ne, "ka ba ta kuɗin" kuwa 14. Irin wannan tarko yana da yawa a Hausa. "Ta ce" magana ce, "tace" kuwa aikin mai koko ne da matacinta. "Su ma" mutane ne da aka ƙara a lissafi, "suma" kuwa ko gashin kai ko faɗuwa a sheme. "Ya yi" aiki ne da ya auku, "yayi" kuwa abin da ake yi a zamani. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka musanya wakilin sunan da wani. Idan "ka ba ta" zai iya komawa "ka ba shi" ko "ka ba su" ba tare da jimlar ta rushe ba, to kalmomi biyu ne, a raba su.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsufa a jikina. Da yake na saba rubuta d a madadin ɗ da b a madadin ɓ, ƙanina ya koyi cewa duk b da ya gani a saƙona tana iya zama ɓ, don haka ba laifinsa ba ne da ya sa lanƙwasa inda babu ita. Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma ya kamata ku san shi. Saƙon tes na layin waya yana ɗaukar gurbi 160 idan an tsaya ga haruffan da tsarinsa ya tanada, amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikinsu, saboda haka da zarar ɗaya daga cikinsu ta shiga sai wayar ta koma wani tsari mai gurbi 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin kati ya tafi. Tsofaffin wayoyinmu ma ba su da haruffan kwata-kwata. Mu muna da uzuri a wancan lokaci. A WhatsApp da Facebook wannan matsi babu shi, kuma wanda ya ƙara Hausa a cikin harsunan allon rubutun wayarsa zai samu haruffan a ƙarƙashin yatsansa. Wanda ya rubuta "baki sun iso" alhali baƙi yake nufi, ko "kafa" a wurin ƙafa, yana biyan harajin da aka daɗe da sokewa. Masu sa q a madadin ƙ ina yi musu ɗan uzuri, ko da yake ba ƙa'ida ba ce, domin sun damu da bambancin. Masu rubuta "xan xo" kuwa har yau ban gane ribarsu ba, tunda x ba ta fi z gajarta ba.

Kuskure na uku shi ne wanda ban gano ba sai daga baya, kuma shi ya fi dacewa a tsaya a kansa. Ko da na raba kalmomin daidai na rubuta "ka ba ta kuɗin", jimlar ba ta tsira ba. A baki, "ka" na umarni gajere ne kuma murya tana sauka a kansa, "ka" na abin da ya riga ya wuce kuwa dogo ne kuma murya tana sama, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka su biyun kamarsu ɗaya a allo. Wannan jimla guda tana iya zama umarni, tana iya zama labari cewa ka riga ka ba ta, tana kuma iya zama tambaya idan marubucin malalaci ne da ba ya sa alamar tambaya. Haka "direba ya zo" yake: ko dai ya iso ne, ko kuma ana so a kira shi. Maganin abin kalma ɗaya ce ko biyu da ke ɗaure lokaci. Idan umarni ne, a fara da "don Allah" ko "sai", ko a ce "a gaya wa direba ya zo". Idan labari ne, a ce "ya riga ya zo" ko "ya zo ɗazu". Idan tambaya ce, a sa alamarta, a kuma ƙara "shin" ko "kuwa" in akwai shakka. Saƙon da ya kamata in aika tun farko shi ne: "Don Allah ka ba Goggo kuɗin maganin yau." Bai kai gurbi 50 ba, ya ambaci mai karɓa da sunanta maimakon "ta", ya kuma faɗi rana.

To, idan ƙananan kalmomi ba a taɓa su, daga ina gajartawar za ta fito? Daga maimaici da kewaye-kewaye. Na taɓa rubuta sanarwar ɗage taron ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai kamar haka: "Slm yan uwa ina mai sanar daku cewa kamar yadda kuka sani taron da zamuyi gobe an daga bazaayi sai wani satin ngd". Ta yi tsawo, ga ta kuma gurguwa. Na zubar da "ba" ta ƙarshe, alhali korewa irin ta "ba za a yi ba" ƙafa biyu gare ta, ba kamar "ba na zuwa" mai ƙafa ɗaya ba. Na rubuta "gobe" a sanarwar da wasu ba su buɗe ba sai bayan kwana biyu, har mutum uku suka je makarantar suka tarar da ƙofa a kulle. Ga abin da ya dace: "Salamu alaikum. An ɗage taron Asabar ɗin nan zuwa Asabar ta sama, ƙarfe 10 na safe, a wurin da aka saba." Abin da ya fita shi ne "ina mai sanar da ku cewa" da "kamar yadda kuka sani", waɗanda ba su ɗauke da labarin komai.

Game da "slm" da "ngd" da "lfy", ban hana ku su tsakaninku da abokan wasa ba, tunda kowa ya san su kuma ba sa sauya ma'ana. Amma ga mahaifi ko malami ko suruki, a cika sallama a cika godiya, domin dattijo yana karanta yankakkiyar gaisuwa kamar an gaishe shi a tsaye ana tafiya. Ni dai yanzu, kafin in danna aikawa, nakan karanta saƙon a zuci da muryar wanda zai karɓa, musamman idan na san ransa a ɓace yake da ni, in kuma duba kowane "ka" da "ya" da "ta" in ga ko za a iya ja masa wasali ya ba da wata ma'ana.