Takardar neman mota da na rubuta sau biyu

Ina kula da rabon kaya a wani kamfanin sayar da shinkafa, sukari da man girki a Damagaram, kuma motarmu ɗaya ce ke kai kaya Mirriya, Matamai, Magarya da Tanut. Takardar farko da na kai wa mai gida ina neman a sauya ta cike take da koke: motar ta tsufa, direba ya gaji, masu shaguna suna fushi. Ya karanta, ya ce, «Malam, duk wannan na sani. Nawa take ci mana a wata?» Na rasa amsa.

Sai na koma ga littafin direba da rasiɗan gareji na wata shida, na tattara su a kan tebur, wasu duk man inji ya ɓata su. A cikin wannan lokaci motar ta kwana 31 a hannun bakanike, gyara ya ci sefa 1,440,000, wato jaka 240 a wata, kuma duk ranar da ta kwanta muna ɗaukar hayar wata a kan jaka 35, abin da ya kai kusan jaka 180 a wata. Wannan kuɗin haya shi ne ba wanda ya taɓa lura da shi, domin ana fitar da shi kaɗan-kaɗan daga aljihun tebur. Ga gazuwal kuma: tana shan lita 14 a kilomita 100, wadda nake nema tana shan 10, mu kuwa muna yin kilomita 2,500 a wata, bambancin lita 100 ke nan, kusan jaka 60.

Kafin in miƙa, akawunmu ya kama ni da kuskure. Farashin dillali kawai na rubuta, na manta da kuɗin duwan da takardun mota, sannan na ɗauka kamar sabuwa ba ta buƙatar juyen mai, tayoyi da inshora. Da muka gyara, motar ta tsaya a miliyan 14, tsohuwar za ta sayu a miliyan 2, ɗawainiyar sabuwar kuma jaka 80 a wata. Rarar ta zama jaka 400 a wata, wato miliyan 12 zai dawo cikin wata 30.

Na ƙara wani layi da ke nuna cewa idan rarar ta tsaya a jaka 300, sai an yi wata 40, kuma wannan layin ne mai gida ya fi tsayawa a kai. Maganar masu shagunan da suka koma wajen wasu kuwa na cire ta, ko da yake na tabbata ta faru, saboda ba ni da takardar da zan nuna idan ya tambaya. Ya sa hannu bayan mako biyu, da sharaɗin a fara samun mai sayen tsohuwar.